Shaidar Kwastomomin Hajiya

Hajiya: Ke 'yar boko, zo ki duba min hotunan nan da ake ja da yatsa, kafin in ɗora a Instagram. Duk shaidar masu sayen man shafawata ce.

'Yar Boko: To Hajiya. Na farko: "Na shafa da dare, da safe maigida ya yi min sallama yana tambayar ina matar gidan." Wa ta aiko wannan?

Hajiya: Wata baiwar Allah.

'Yar Boko: Ita da ta biyu da ta uku duk "gasikiya" suka rubuta. Irin rubutunki ne fa.

Hajiya: Makarantarmu ɗaya.

'Yar Boko: Hajiya, fata sai ta yi wajen mako huɗu kafin ta sabunta kanta. Duk wadda ta san harkar, ta ga an ce dare ɗaya, ko ta ce ƙarya ce, ko ta ce kin zuba sinadarin bilicin. Babu saƙon gaske ko ɗaya a wayar nan?

Hajiya: Akwai na wata mai rowar yabo. Wai, "Mako shida ina shafawa safe da dare, kaushin fuskata ya tafi, amma tabon ƙurajen bai gama ɓacewa ba." Goge min "amma" ɗin nan.

'Yar Boko: Ai saboda "amma" ɗin za a yarda da ita. Ta faɗi matsalarta, ta faɗi tsawon lokaci, ta faɗi abin da ya canza. Hoton farko a sa tambaya kawai: "Fuskarki na yin kaushi ko kin shafa mai?" Sai saƙonta ya biyo baya shi kaɗai, da manyan baƙaƙe. Amma fa sai ta ba ki izini, a kuma rufe lambarta da hotonta.

Hajiya: Izini kuma? Bashi fa nake bin ta!

'Yar Boko: Duk da haka. To ina hoton ƙarshe? "Allah ya bar zumunci." Shi ke nan? Wadda ta gamsu ta yi yaya?

Hajiya: Mai nema yana tare da samu. Na ma sa adireshin intanet a rubutun ƙasa.

'Yar Boko: Ba ya dannuwa a can. Umarni ɗaya za ki ba ta: "Kina so? Turo kalmar KAUSHI ta WhatsApp a wannan lamba, mu aiko miki." Da kin ga kalmar, kin san daga wannan tallar ta zo. Kawo lambar.

Hajiya: Sa ta Alhaji. Tawa a kashe take, masu kawo min kwalabe suna nemana.