Ku faɗa mana aikin da kuɗin zai yi, ku daina zagin mu

To, na ga rubutun neman gudummawa da wata ƙungiyar agaji ta sake wallafawa, kuma na san kun gani, tunda har yanzu ana turo shi. Hoton yaro a kwance hannu ɗaure da ƙarin ruwa, a ƙasa an rubuta wai duk wanda ya wuce bai taimaka ba ya binciki zuciyarsa. Madalla. Na bincika, tana nan lafiya lau. Ku 'yan ƙungiyar, abin da na nema na rasa shi ne nawa kuke nema, me za ku saya da shi, yaushe za ku rufe, kuma asusun da kuka saka na waye. Layi kusan ashirin na kuka da gori, babu layi ɗaya na lissafi.

Ni dai ra'ayina bai canza ba: mai lissafi a hannu ba ya buƙatar tsorata mutane. Duk rubutun neman gudummawa da ya dogara da sa mutum jin kunya, ku duba da kyau, akwai gurbin da aka bari babu bayani, shi ake rufewa da hawaye.

Kuma abin ba wuya gare shi ba. A ce gidan sauro mai magani kuke son rabawa a wani yanki mai mutum 600. Ƙa'idar da ake bi a irin wannan rabo ita ce gida ɗaya ga mutum biyu, ke nan 300 kuke buƙata. A ce kun riga kun samu kuɗin 120. Me zai hana ku rubuta haka:

"Muna tara kuɗin gidan sauro 300 domin mutum 600, za a raba kafin damina ta kankama. An samu na 120, saura 180. Kuɗi kaza ne ke kai gida ɗaya hannun mai shi, har da dako da ladan masu rabo, kuma yakan yi kamar shekara uku ana amfani da shi. Ga asusun ƙungiya da sunan da zai fito idan ka saka lambar. Za mu rufe ranar kaza, mu wallafa rahoton rabo wata guda bayan haka. Abin da ya yi rara za a sayi ƙarin gidaje wa yankin da ke maƙwabtaka. Wanda bai samu hali ba, tura wa wani ma taimako ne."

Shi ke nan fa. An zagi wani? An ce wani ba shi da imani? Amma wanda ya karanta ya san idan ya bayar da kuɗin gida biyu, mutum huɗu ne za su kwana sauro bai cije su ba. Ya san inda aka kwana, ya san abin da ya rage, ya san ranar da zai dawo ya tambaye ku.

Ku lura da "har da dako". Nan ne da yawa ke yin ƙarya ba tare da sun ɗauke ta ƙarya ba. Sai a faɗi kuɗin sayen kaya kawai don ya yi kama da araha, a ɓoye kuɗin mota da na ajiya da na ma'aikata, sannan a ƙara da cewa kowane kwabo zai tafi kai tsaye ga mabuƙata. Ta yaya? Kayan da ƙafarsu za su je? Idan kashi goma cikin ɗari na tafiya a hidimar ofis, ku rubuta kashi goma. Mai hankali ya san aiki na cin kuɗi. Abin da ba ya yafewa shi ne ya gano daga baya.

Maganar rara kuma ita ce wadda kusan ba na taɓa gani, alhali ita ce ma'aunin amana. Kuɗin da aka karɓa da sunan wani aiki na wannan aikin ne, ba a karkatar da shi sai da sanin mai shi. Bayan ambaliyar tsunami ta Disambar 2004, ƙungiyar likitocin nan ta MSF, cikin 'yan kwanaki, ta fito ta ce kuɗin da ta samu ya ishe ta aikin da za ta iya yi a yankin da abin ya shafa, a dakata da turo mata na tsunami. Daga baya ta nemi izinin waɗanda suka bayar kafin ta kai rarar wasu wuraren. Wasu ƙungiyoyin sun ji haushi a lokacin. Ni kuwa da zan samu mai ce mini "ya isa haka", gobe ko bai roƙa ba zan neme shi.

Na san abin da za ku ce, an riga an faɗa mini: ai tausayi ne ke buɗe aljihu, lissafi ba ya sa kowa kuka. Har za a kawo mini binciken nan na 2007 da Deborah Small da George Loewenstein da Paul Slovic suka yi, inda labarin yarinya ɗaya 'yar shekara bakwai daga Mali ya jawo gudummawa fiye da alƙaluman miliyoyin mayunwata. Na ji. Sai dai labarin mutum ɗaya suka gwada, ba su gwada zagin mai karatu ba. Ku ba da labarin mutum ɗaya mana, wa ya hana? Ku nemi izininsa, ko na iyayensa idan yaro ne, ku nuna shi da suturarsa da mutuncinsa, ku faɗi abin da ya canza a gidansu. Sannan ku kawo lissafin. Masu cewa sai an matsa wa mutane suke bayarwa kuwa, su je su ƙirga mutum nawa suka bayar sau biyu. Wanda kunya ta sa ya tura yau, gobe yana ganin tambarinku zai yi sauri ya wuce, ko ya toshe ku ya huta.

Bari in faɗi wannan ba da gatse ba. Cikin masu karanta rubutunku akwai wanda shi ma yake da mara lafiya a gida, akwai wanda albashinsa ya ƙare tun tsakiyar wata, akwai wanda ya bayar jiya a wani wuri bai gaya wa kowa ba. Ba ku san su ba. Idan kuka rubuta cewa mai wucewa ba shi da tausayi, da su kuke. Ku bar musu ƙofar fita cikin mutunci, ku ce kome ƙanƙantarsa ana karɓa, ku ce wanda bai samu ba babu komai, kuma ku faɗa da gaske.

Wai ma, wa ya koya muku saka lambar asusu a cikin hoto? Mutum ya yi niyya, sai ya koma yana haddace lamba yana tsalle tsakanin manhaja biyu, ya kuskure ɗaya ya tura wa baƙo. Ku rubuta ta a layinta ita kaɗai yadda za a kwafa. A Instagram kuma adireshin shafi da aka saka cikin rubutun ƙasan hoto ba ya dannuwa, shekara da shekaru haka yake, amma kullum sai an saka an ce "danna nan". In danna ina? Shi kuma mai tsara muku hotuna da ke rubutu da rawaya a kan fari, don Allah wani ya karɓe wayar nan daga hannunsa.