Kafin ka sa hannu a takardar sallama, tambayi sunan kowace naira

Ran nan bayan sallar isha'i yayana ya shigo gidana da ambulan a hannu, ya zauna a tabarma, ko ruwan da aka kawo masa bai taɓa ba. Shekara 19 ya yi a wata masana'anta a Sharaɗa. Kasuwa ta ja baya, aka rage ma'aikata, sunansa ya fito. Sallamar ba ta girgiza shi sosai ba, don tun da aka rufe layin dare kowa ya san inda aka dosa. Abin da ya hana shi shan ruwa shi ne takardar lissafin da aka ba shi ya je ya duba, ya dawo ya sa hannu. A sama an rubuta haƙƙinsa naira miliyan 6 da dubu 500. A ƙasa, a layin PAYE, wato harajin da ake cirewa daga albashi, an zaftare fiye da miliyan ɗaya.

Ya miƙo min takardar ya ce, "Kai da kake aikin lissafi, haka gwamnati take yi wa wanda aka kora?"

Na ce, "Yaya, bari mu fara gano kuɗin mene ne da mene ne a cikin miliyan shida da rabin nan."

Bai sani ba. Takardar ma ba ta faɗa ba, layi ɗaya ne kawai, jimla. A nan ne mutanenmu suke asara, kuma shi ya sa nake wannan rubutu. Dokar haraji ba ta san wani abu wai shi "kuɗin barin aiki" a dunƙule ba. Kowane kaso da sunansa, kuma sunan ne yake yanke hukuncin ko za a cire haraji ko ba za a cire ba. Wanda ya yarda aka haɗa masa su a buhu guda, ya yarda a auna masa gero da farashin shinkafa.

Da muka zauna da wasiƙar sallamar da yarjejeniyar da ƙungiyar ƙwadagonsu ta yi da kamfani, sai abin ya rabu gida uku: albashin watan ƙarshe dubu 250, kuɗin hutun da bai tafi ba dubu 250, sai diyyar rasa aiki miliyan 6. Biyun farko albashi ne, ko yana aiki ko an sallame shi, haraji ya hau kansu, babu gardama. Na ukun kuwa wani abu ne daban. Sabuwar dokar haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, ta yafe haraji a kan diyyar rasa aiki har zuwa naira miliyan 50. Abin da ya haura hamsin ɗin ne kaɗai ake taɓawa. Kafin ita, daga dokar kuɗi ta 2020, iyakar miliyan 10 ce, a cire kashi 10 cikin ɗari a kan abin da ya ɗara. Wato ko da tsohuwar doka aka bi, miliyan shidan Yaya ba su isa a taɓa su ba.

To daga ina miliyan ɗaya da ɗoriya ta fito? Na ɗauki biro na gwada. A sabon tsari, dubu 800 na farko a kuɗin shigar mutum na shekara babu haraji. Miliyan 2 da dubu 200 da ke biye ana cire kashi 15. Daga miliyan 3 zuwa miliyan 12 kuma kashi 18 ne. Albashin Yaya da ake lissafa wa haraji miliyan 3 ne a shekara, harajinsa dubu 330, wato dubu 27 da 500 a wata, kuma haka yake a takardun albashinsa na baya. Abin da akantan ya yi shi ne ya ɗauki diyyar ya ɗora a kan albashin shekara kamar wani alawus, sai duk miliyan shidan suka faɗa matakin kashi 18. Miliyan 6 sau kashi 18, naira miliyan 1 da dubu 80. Lissafin ya zauna daidai, ko kwabo bai goce ba.

Wannan ita ce alamar da kowa zai iya ganewa ba sai ya yi karatun lissafi ba. Ɗauko takardar albashinka ta watan jiya ka ajiye kusa da ta sallama. Idan harajin da ka saba gani dubu ashirin da wani abu ne, yau kuma ka ga miliyan, to an zuba kuɗin sallamarka a injin albashi ne.

Ban ce akantan mugu ba ne. Na san yadda ofisoshin nan suke: manhajar albashi tana da gurbin "sauran kuɗaɗe", a zuba adadi, ita kuma ta cire haraji yadda ta saba. Ga kuma tsoro, domin idan kamfani ya cire ƙasa da ƙima, shi masu binciken haraji za su kama, idan kuwa ya cire fiye da ƙima babu mai zuwa ya tuhume shi sai ma'aikacin da ya riga ya fita daga ƙofa. Amma wannan tsoron bai halatta a ɗora wa magidanci mai 'ya'ya bakwai asarar miliyan guda a ranar da aka raba shi da abincinsa ba. Wannan kuɗin jarin shago ne a Kurna ko Rijiyar Lemo, kuɗin makarantar yara ne na shekara.

Washegari muka tafi tare. Yaya yana ta jan ƙafa, wai kada a ce ya yi butulci bayan shekara 19 ana zaman mutunci. Wannan kunyar tamu tana da kyau a wurinta, amma tambayar haƙƙi ba rashin kunya ba ce. Na gaida manajan ma'aikata na ce, "Ranka ya daɗe, ba rigima ta kawo mu ba. Roƙonmu a rarraba mana kuɗin nan layi-layi, a rubuta sunan kowanne, a nuna wanda aka cire wa haraji da sashen dokar da aka dogara da shi." Aka kira akanta. Ya duba wasiƙar da kamfanin da kansa ya rubuta, mai cewa an sallami Yaya ne saboda rage ma'aikata, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce a ba shi kwana biyu. Ranar Alhamis aka sake takarda, miliyan 1 da dubu 80 suka dawo.

Abin da ya cece mu lokaci ne. Harajin da kamfani ya cire yana da wa'adin miƙa shi ga hukumar harajin jihar da ma'aikaci yake zaune, zuwa 10 ga watan da ke biye. Muddin kuɗin yana hannun kamfani, gyaran bai wuce sake buga takarda ba. Da zarar ya shiga asusun gwamnati, magana ta koma rubuta takardar neman a mayar maka da rara, da haɗa hujjoji, da jira. Ana iya yi, amma mutumin da ba shi da albashi ba shi da ƙarfin jira.

Akwai wani tarko da nake so 'yan ƙwadago su kula da shi. Wani lokaci a kan ce wa ma'aikaci, "Rubuta takardar ajiye aiki da kanka, ya fi mutunci, za mu ba ka kuɗinka." Diyya sunanta diyya ne saboda an raba ka da aikin. Idan takarda ta nuna kai ka tafi don raɗin kanka, ka raunana hujjarka da hannunka. In an dage sai ta wannan hanya, to yarjejeniyar rabuwar ta faɗa ƙarara cewa kuɗin diyyar rasa aiki ne.

Garatuti kuwa Yaya ba shi da shi, kamfaninsu ya daina tun da tsarin fansho na karo-karo ya shigo. Ga masu shi, a san cewa an daɗe ana ja-in-ja a kansa. A 2019 kotun ɗaukaka ƙarar haraji, a shari'ar Nigerian Breweries da hukumar harajin Jihar Abiya, ta yanke cewa babu haraji a kan garatuti, amma wannan a ƙarƙashin tsohuwar doka ne. Sabuwar ta yafe fansho da garatuti da sauran haƙƙin ritaya waɗanda aka bayar bisa tanadin dokar fansho. Wannan sharaɗin na ƙarshe shi ne wurin dubawa. Saboda haka mai jiran garatuti daga kamfani mai zaman kansa ya tambaya tun yana kan aiki: tsarin namu a ƙarƙashin dokar fansho aka kafa shi, ko alkawari ne kawai a littafin ma'aikata? Ranar sallama ba ranar fara wannan tambaya ba ce.

Saura asusun fansho. Shekarun Yaya 47, bai kai 50 ba, don haka ba zai karɓi dunƙulen kuɗin ritaya yanzu ba. Abin da dokar fansho ta 2014 ta ba shi shi ne, idan ya yi wata huɗu bai samu wani aiki ba, zai iya neman har kashi 25 na abin da ke asusun. Yana da kusan miliyan 8, wato miliyan 2 ke nan, kuma sashe na 10 na dokar ya ce haƙƙin ritayar da aka biya a ƙarƙashinta ba a cire masa haraji. Inda haraji yake shigowa shi ne kuɗin da mutum ya riƙa ƙarawa na ganin dama: idan ya cire kafin su shekara 5 da zubawa, ribar da suka haifa za a cire wa haraji.

Na ce masa, "Yaya, ka adana asalin wasiƙar sallamar nan, ita kamfanin fanshonka zai fara nema." Ya sa ta a leda ya ajiye a cikin akwatin da yake ajiye takardun gida. Ya ƙirga da yatsu ya ga watan da huɗun za su cika, sannan ya tambaye ni ko abokan aikinsa goma sha ɗaya da aka sallama rana ɗaya da shi, waɗanda suka riga suka sa hannu, su ma za a iya duba musu. Na ce su kawo takardunsu ranar Asabar, kowa ya haɗo da takardar albashinsa ta watan da ya gabata.