Kafin ka sayi teburin cin abinci, auna ɗakinka tukuna

Jama'a, in gidanku irin namu ne, wanda baƙi ba sa yankewa, ku saurare ni. Mu shida ne a gida, amma sau da yawa sai mu tashi mu goma. Da farko zagayayyen tebur na saya, mai faɗin santimita 150, don ya burge ni. Mu shida ya ɗauke mu daidai. Ranar da muka yi baƙi uku kuwa, gwiwar hannu ta yi ta karo da ta maƙwabci, har wani babban baƙo ya ɗauki farantinsa ya koma gefe ya ɗora a cinya. Wallahi har yau ina jin kunyar ranar.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, duk mai cin abinci yana buƙatar wajen santimita 60 na bakin tebur. Sannan tsakanin tebur da bango a bar aƙalla santimita 90, don a iya jan kujera a tashi ba tare da an tayar da kowa ba.

Ɗakinmu mita 3 ne a faɗi, mita 4.2 a tsawo. In ka cire santimita 90 ta kowane ɓangare, abin da ya rage 120 ne a faɗi, 240 a tsawo. Ka ga ke nan tun asali zagayayyen nan ya fi ƙarfin ɗakin, shi ya sa na kusa da bango kullum a matse yake. Kuma ko da ɗakin ya isa, zagayayye in ya kai 180 hannu ba ya kaiwa tsakiya, sai an miƙe.

Ni dai a ganina, mai yawan baƙi ya nemi dogon tebur mai kusurwa huɗu, wanda ake ja a ƙara masa katako a tsakiya. Namu na yanzu 180 ne a tsawo, 90 a faɗi. Kullum uku nan, uku can. In baƙi sun zo sai mu ja shi ya kai 240: huɗu kowane gefe, ɗaya kowane ƙarshe, goma cif. In sun tafi mu mayar, yara su samu filin wucewa.

Amma don Allah ku leƙa ƙarƙashinsa kafin ku biya. Wani teburin ƙafafunsa a shige suke ciki, in an ja shi ba sa motsi, sai ka tarar ƙafar tebur ta tsaya daidai inda gwiwar mutum za ta shiga. Nemi wanda ƙafafunsa ke can kusurwa kuma suke tafiya tare da shi in an ja. Kujeru masu hannu ma suna cin wuri, marasa hannu sun fi.

Ni kafin na sayi na biyun, tsofaffin jaridu na shimfiɗa a ƙasa daidai 240 da 90, na jera kujeru goma, na sa yara suka zauna, na zagaya ta bayansu riƙe da faranti.