Kafin ka ci gaba da labarin wani, ka gane wace "ta" ce a gabanka

Masu ba da shawara kan ci gaba da labarin da wani ya bari a tsakiyar sakin layi sun fi tsayawa a kan me zai faru gaba. A ganina wannan shi ne abu na ƙarshe da ya kamata ya dame ka. Mai karatu zai yarda da kusan duk abin da ka sa ya faru, muddin bai ji an canja masa mai ba da labari ba. A rubutun Hausa kuwa, inda ake fara jin canjin ƙaramin wuri ne: lamiri, wato "ya" da "ta" da ke zuwa kafin aikatau.

Ga sakin layin da za mu yi aiki da shi, an yanke shi jimla ba ta ƙare ba:

"Tun da mijinta ya tafi, takan farka kafin gari ya waye. Ta kunna fitila, ta buɗe taga, ta zauna bakin gado tana sauraren hanya. Mota ta wuce, ta ɗaga kai. Wata ta wuce, ta sake ɗagawa. Ba ta kuka. Ba ta kiran kowa. In rana ta fito, ta kashe fitilar, ta"

Ga irin ci gaban da hannu ke saurin kawowa:

"miƙe cikin sanyin jiki ta nufi ɗakin yara, suka tashi suka gaishe ta, nan take hawaye suka zubo mata saboda tsananin kewar mijinta da ta daɗe tana damun zuciyarta."

In ka ɗauki wannan jimla ita kaɗai, Hausarta lafiya lau. Amma a wannan gurbin ta ɓata abu uku, kuma mafi muni shi ne "suka".

Daidaitacciyar Hausa ba ta nuna karin sauti, ba ta nuna tsawon wasali. Don haka "ta kunna" a takarda tana iya zama abu uku da kunne ke rarrabewa amma ido ba ya rarrabewa. Akwai ta aikin da ya riga ya kammalu, wadda 'yan nahawu ke kira shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya. Akwai ta jeranta labari, shuɗaɗɗen lokaci na biyu. Akwai kuma wadda ba ta da lokacin kanta, aro take yi daga aikatau na farko da ya ja ragamar zancen. Haka ya take, haka ka take. Amma da zarar ka koma jam'i, kowace sai ta fito da kamarta: sun kunna, suka kunna, su kunna. Mun, muka, mu. An, aka, a. Har mace in ana magana da ita: kin, kika, ki.

To ga gwajin, bai fi minti biyu ba. Mayar da matar nan mata biyu, ka sake karanta sakin layin da ƙarfi. "Sukan farka kafin gari ya waye. Su kunna fitila, su buɗe taga, su zauna bakin gado suna sauraren hanya." Bakinka ba zai yarda ya ce "sukan farka, suka kunna fitila" ba. Ashe duk jerin "ta" ɗin nan ƙarƙashin "takan" suke. Ba asubar rana ɗaya ake ba mu labari ba, asubar kowace rana ce. Wanda ya shigo da "suka tashi suka gaishe ta" ya mayar da abin da ake yi kullum ya zama abin da aka yi sau ɗaya, kuma bai sanar da kowa ba. Mai karatu ba lallai ya iya faɗin sunan kuskuren ba, zai dai ji ƙafarsa ta rasa matakala.

Abin da ke sa wannan kuskure ya yawaita shi ne "takan" ɗin guda ɗaya ce tak, tana can jimlar farko, mai ci gaba kuma idonsa na kan jimlar ƙarshe. Shi ya sa karanta layin da aka tsaya kawai ba ya isa. Ka koma baya har sai ka sami aikatau mai lamirin da ba ya ruɗarwa: takan, za ta, tana, suka, sun. Shi ne ke riƙe da sauran. In ba ka same shi ba, nemi wasu alamomin. A nan akwai biyu. "Ba ta kuka" ba daidai take da "ba ta yi kuka ba" ba: ta farko hali ce, ta biyu rana ɗaya ce. Sannan "In rana ta fito" ba daidai take da "Da rana ta fito" ba. Da marubucin ya rubuta "Da rana ta fito, sai ta kashe fitilar", da "suka" ta zauna daram. Wanda yake rubutu da Sakkwatanci ya huta da rabin wannan wahala, don "tat tashi" da "sunka tashi" sun nuna kansu tun a rubuce.

Abu na biyu da aka ɓata shi ne murya. Mutane na ɗaukar murya kamar wani abu da ba a iya kamawa da hannu, alhali mafi yawanta jerin abubuwan da marubuci ya hana kansa ne. Duba sakin layin ka lissafa abin da babu. Babu "saboda". Babu zuciya, babu tunani, mai labarin yana tsaye a ɗakin yana kallon hannunta da kanta, bai shiga ranta ba. Babu sifa ko ɗaya. Babu amsa-kama irin su zumbur ko tsit. Babu karin magana. Matar ma ba a ba ta suna ba. Duk kewar da ke cikin labarin ɗaga kai ne ke ɗauke da ita. Wanda ya zo ya ce "tsananin kewar mijinta" ya faɗi abin da marubucin ya yi jimla shida yana ƙin faɗa, hawayen kuma sun ƙaryata "Ba ta kuka" da ke jimla biyu a baya. Wannan jeri na hani ya fi amfani nesa da ƙoƙarin kwaikwayon kalmomin marubuci, don kwaikwayon kalma kan wuce gona da iri. In ya yi gajeruwar jimla biyu, mai kwaikwayo sai ya jero takwas, abin ya koma kamar ana yi masa ba'a.

Na uku shi ne tafiyar jimloli, kuma ita ana iya ƙirga ta. Jimlolin da suka cika suna da kalmomi 11, 13, 6, 6, 3, 4. Sun faro da ɗan tsawo, suka yi ta raguwa har suka kai ƙasa. Wadda aka yanke ta riga ta kai 8 ba ta ƙare ba, wato numfashin ya fara komawa sama, zuwa wajen tsawon na farko. Tana neman tsayawa tsakanin 12 da 15. Ci gaban da muka gani ya kai ta 37, kusan ninki uku na jimla mafi tsawo a wurin. Ƙirgar ba doka ba ce, iyaka take nuna maka. Ka kuma duba yadda waƙafi ke yanka jimla: kalma uku-uku, ta da aikatau da abin da aka yi wa aikin, gaɓar ƙarshe kaɗai ke ɗan miƙewa.

In ka lura sosai, marubucin ya bar maka rabin amsar. Da asuba ta kunna fitila ta buɗe taga. Da safe ta kashe fitilar. Me ya rage a buɗe? Har ɗafin da ya mayar da fitila "fitilar" yana gaya maka taga za ta dawo a matsayin "tagar". Don haka:

"In rana ta fito, ta kashe fitilar, ta rufe tagar, ta leƙa ɗakin yara. Su tashi, su gaishe ta, ta amsa. Ƙaramin ya tambayi babansa, ta ce yana hanya. Ya sake tambaya, ta miƙa masa takalminsa."

Jimlar da aka yanke ta tsaya a kalma 14. "Su tashi" ta tabbatar wa mai karatu har yanzu cikin sabo muke. "Ya sake tambaya" ta amsa "ta sake ɗagawa". Ba a ce tana kewa ba, ba a ce ba ta son maganar ba, takalmin ya isa.

Wani zai ce, in haka ne ina gudummawar mai ci gaba, ai ya zama ɗan amshin shata. Ban yarda ba. Ba a ce kada ka juya labari ba, an ce ne kada ka juya shi a wurin ɗinki. Ka fara biyan bashin jimlar da aka bari, ka rufe sakin layin da lamirin da aka buɗe shi da shi, sannan ka yi juyinka a sabon sakin layi, a bainar jama'a, da kalmar da ke sanar da shi:

"Ran nan sai wata mota ta tsaya. Yara suka fito da gudu. Ita ba ta tashi ba."

Ga "suka" ɗin da aka hana ɗazu, yanzu ta zo da izini, don "ran nan sai" ta ware rana ɗaya daga cikin ranakun. Korewar ma ta bi ta: "ba ta tashi ba" mai ba biyu, ba "ba ta tashi" ba. Sakin layin abin da ake yi kullum da ma shimfiɗa yake yi wa irin wannan rana, amma in ka kawo ta a jimlarka ta farko, wurin da labari ya juya da wurin da hannu ya canja sun haɗu, kowa zai gan su. Ka bar aƙalla jimla uku ko huɗu tsakaninsu.

Akwai inda gwajin jam'i ba ya yanke hukunci. In an ba ka guntun da aka yanke kansa da wutsiyarsa, babu takan, babu suka, babu in ko da, sai jerin ya, ya, ya, to su da suka duka za su iya zama. Jerin da ya biyo bayan "za ta" ma haka yake a ido: "za ta farka, ta kunna fitila, ta buɗe taga" shiri ne, ba labarin jiya ba, kuma shi ma su yake ɗauka. A nan dole kai ne za ka zaɓa. Rubuta jimla biyu na ci gaba iri biyu, ɗaya da su, ɗaya da suka, ka karanta kowanne da ƙarfi tun daga farkon guntun ba tare da tsayawa a mahaɗar ba. Wanda ka zaɓa, ka shigo da jam'i ko "aka" ko "a" da wuri, cikin jimlarka ta farko ko ta biyu, don lamirin ya fito fili mai karatu ya san inda aka ajiye shi.