Nauyin kwanrod ba shi ne ƙarfinsa ba

"Kwanrod na zubi ai ɗaya yake da na ƙira, tunda nauyinsu ɗaya." Haka ake faɗa a garejojin Katsina game da wannan sandar ƙarfe da ke haɗa fistan da kuranshaf a cikin inji.

Ba haka ba ne. A ƙira, ana gasa ƙarfen zuwa wajen digiri 1,200, a matse shi tsakanin sifa biyu. Zaren ƙarfen sai ya bi tsawon sandar, ya kewaye ramukan biyu na kanta da gindinta, kamar zaren icce. Matsin kuma yana toshe ƙananan ramukan ciki.

Na zubi narkakke ake kwararawa, ya daskare ba zare, wani lokaci da kumfar iska ko ɓurɓushin yashi a ciki. Injin da ke juyawa sau 3,000 a minti yana ja yana danna kwanrod sau 180,000 a awa. Tsagewa daga bakin irin wannan ramin take farawa, ta riƙa ci a hankali har sandar ta ɓalle ta fasa bulok. A wurin karayar za ka ga sashe mai santsi inda ta daɗe tana ci.

Duba gefen sandar, malam: layin haɗin sifa na ƙira yakan yi faɗi, na zubi siriri ne.