Riyal 750 ɗin da ƙura ta cinye

Ban taɓa roƙon Allah ya ƙara wa jirgi latti ba sai ranar da zan tashi daga Jidda zuwa Riyad. Ƙarfe 2 na rana aka ce, har la'asar shiru. Sai na tuna dokar da hukumar sufurin sama ta Saudiyya ta fara aiki da ita a Nuwamban 2023: latti ya kai awa 1 a ba ka abin sha, awa 3 abinci, ya haura awa 6 kuwa otal da diyyar kusan riyal 750.

Aka kawo lemo na sha. Aka kawo shinkafa da kaza na share. Da awa 5 ta cika, kowa na tsaki, ni ina jan carbi kada a kira mu. Tana haura 6 na buga wa uwargida: "Maman Hafsa, wannan abayar da kike ta magana, je ki karɓo."

Wani dattijo ɗan Makka da ke gefena ya ajiye shayinsa. "Ɗana, da kuɗin wa?"

Na karanto masa dokar tamkar ni na rubuta. Ya nuna allo da sandarsa. "Duba jiragen Riyad. Guda nawa suka tashi?"

Ko ɗaya. Kowane kamfani, duk latti.

"To ƙura ce ta rufe can. In filin sauka ba ya ganuwa, ko masu ba jirage hanya suka ce kowa ya jira layinsa, ba hannun kamfani a ciki. Za su ciyar da kai, amma ba za su biya ka abin da ba su suka ɓata ba. Diyya tana fitowa ne in laifin nasu ne: matuƙi bai iso ba, ko sun yi sakaci da gyara, ko sun tura jirginka wani gari. Alamarta, na kowa ya tashi naka kaɗai ya zauna, ka hango makanikai sun buɗe cikin inji."

Na manna fuska a gilashi, Baba na dariya. Wallahi minti goma ina neman ko ɗigon mai ne a ƙarƙashin jirgin nan. Lafiyarsa ƙalau, har sheƙi yake, ɗan banza.

Duk da haka na je kantar kamfanin, domin dattijon ya ce a riƙa karɓar dalilin latti a rubuce. Da shi ake kai kuka wurin kamfani, in sun yi biris a wuce hukuma. Yarinyar ta miƙo takarda: rashin kyawun yanayi. Na ce, "'Yar'uwa, ba wata 'yar matsalar inji ko kaɗan?" Ta kalle ni kamar ina fatan mu faɗo.

Muna shiga jirgi saƙo ya shigo. Hoton abaya ne, har biyu, wai ta biyun an yi mata ragi.