Firiton ba maganin barci ba ne

Wannan saƙon muryar da ke yawo a zaurukan mata, inda wata baiwar Allah ke cewa in yaro ya hana ki barci ki ɗura masa cokali biyu na Firiton ki huta, ya ɓata min rai matuƙa. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yawan masu yi mata godiya a ƙasa.

'Yan uwa, abin da yaron ke yi bayan an ɗura masa maganin nan ba barci ba ne, buguwa ce. Firiton da Fenagan an yi su ne don ƙaiƙayi, borin jini da atishawa. Nauyin idon da suke kawowa illarsu ce, saboda suna ratsawa cikin ƙwaƙwalwa su danne ta. A ƙwaƙwalwar nan kuma ake sarrafa numfashi. Shi ya sa tun ƙarshen 2004 hukumar magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani a kan Fenagan, cewa kada a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 2, bayan an samu yaran da numfashinsu ya tsaya suka rasu. Ruwan Firiton ma ba a ba wanda bai kai shekara 1 ba. Wanda ya kai ɗin, don ƙaiƙayi ake ba shi, da awo, ba don ya yi shiru ba.

Na san za a ce "ai mun ba namu, ga su nan sun girma". Allah ne ya tsare, ba hujja ba ce. Hantar ƙaramin yaro ba ta narka magani kamar ta babba, cokulan gida kuma ba girmansu ɗaya ba. Wani yaron ma akasin haka yake yi: ya firgice, ya yi ta tsala ihu, zuciyarsa na bugawa da sauri. Sai uwa ta zaci bai ji ba, ta ƙara masa. Ta nan ake kaiwa ga jijjiga.

Amma babban abin da likitoci ke tsoro shi ne ciwon da maganin ke rufewa. Ɗauki yaro ɗan wata 14 da ya yi mura, yanzu kuma dare biyu yana kuka da zarar an kwantar da shi, yana jan kunne. Sau da yawa ciwon kunne ne, kwanciya ke ƙara masa zugi. In an bugar da shi, kukan ya tsaya, ciwon yana nan. In kuwa zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, alamar da likita ke nema ita ce yaro ya yi laushi, ya ƙi nono, ya yi wuyar tashi. To yaya za ki gane wannan a jikin yaron da kika sa shi laushi da hannunki? Za ki ɗauka magani ne ke aiki har gari ya waye.

Kafin kowane magani, a tuɓe shi a duba. Akwai zazzaɓi? Ƙurajen zafi ko cizon sauro? Ƙazuwa da dare take tsananta ƙaiƙayi, tsutsar ciki ma da dare take sa susar dubura. Ya ƙoshi? An ba shi shayi ko lemon kwalba da yamma? Ya yi dogon barci bayan la'asar? Ɗan shekara 1 zuwa 2 awa 11 zuwa 14 yake buƙata a yini, har da na rana. In ya cinye uku da yamma, ba zai kwanta bayan isha'i ba. A tashe shi kafin la'asar, a ɗauke waya daga hannunsa bayan magariba, a yi masa wanka, a rage haske, a sa shi cikin gidan sauro, kullum a lokaci ɗaya. Yakan ɗauki kwanaki kafin ya saba. Jariri kuwa farkawar dare don shan nono ɗabi'arsa ce, ba cuta ba.

In an riga an ba shi, kuma ya ƙi tashi, ko numfashinsa ya yi ƙasa, ko leɓensa ya canza launi, a kwantar da shi ta gefe a tafi asibiti da kwalbar a hannu. Kada a ɗura masa manja ko madara, zai iya shaƙewa. A faɗa wa likita gaskiya, me aka ba shi, nawa, ƙarfe nawa.

Ku kuma maza, matar da ta kwana uku ba ta runtsa ba ita ke miƙa hannu ga kwalbar nan. Ka karɓi ɗanka na awa biyu, ba abin kunya ba ne.

Sannan wannan ɗabi'a ta sayen "maganin haƙori" a kyamis ita ma tana buƙatar nata zaman. Mutane sun manta da My Pikin, wanda ya yi sanadin rasuwar yara 84 a Najeriya tsakanin 2008 da 2009, saboda wani sinadari mai lalata ƙoda da ya shiga cikinsa. Har yau uwa za ta ce yaro na haƙori, mai shago ya miƙo kwalba bai ko tambayi watanninsa ba.